Kwana Casa'in, Ba Kuɗi Ba Labari

Duk wanda ya taɓa ba da kaya bashi ya san yadda magana ke sauya launi. A watan farko ana ce maka, "Gobe in Allah Ya yarda." A na biyu sai ka ji, "Ai Alhaji ya yi tafiya, kuma shi ke sa hannu." Da an shiga na uku, waya ta yi ta ƙara ba mai ɗauka, in kuwa kun yi kiciɓis a wurin ɗaurin aure sai a cika ka da gaisuwa har ka rasa ta inda za ka ɓullo wa zancen. Abin mamakin shi ne, kai mai kuɗin kai ke jin nauyi, kamar roƙo ka zo. To a daidai wannan gaɓa ce ya kamata baki ya huta, takarda ta karɓi aiki.

Mu ɗauki wani mai ɗab'i a Kano da wata makarantar kuɗi. Ba suna, kuma alƙaluman na misali ne, amma duk mai irin wannan sana'a zai gane su. Kafin a koma sabon zango makarantar ta ba shi aikin littattafan rubutu 6,000 masu tambarinta, kowane a kan naira 250, da katin sakamako 1,200 a kan naira 300. Jimla naira 1,860,000. An ba shi kafin alƙalami naira 600,000 ya sayi takarda. Ranar 9 ga Satumba 2024 ya kai kaya, mai kula da sito ya ƙirga ya sa hannu a webil, shi kuma ya miƙa takardar neman biya, wadda 'yan kasuwa ke kira inbois, mai lamba 0147. A ƙasanta an rubuta cewa za a biya cikin kwana 30. Saura naira 1,260,000.

Nan mutane da yawa ke fara kuskure, a wurin ƙirga kwanaki. Bashi ba ya makara tun ranar da aka kai kaya; yana makara ne daga ranar da wa'adin biya ya cika. Wa'adin mai ɗab'i ya cika 9 ga Oktoba, saboda haka kwana casa'in na jinkiri sun cika ne 7 ga Janairu 2025, ko da yake kwana 120 ke nan rabonsa da kayansa. In ya rubuta "yau wata huɗu kuna riƙe mini kuɗi", akantan makaranta zai ce ai wata guda daga ciki haƙƙinsu ne, kuma ya yi gaskiya. Ƙaramin abu ne, amma wanda ba ya son biya ƙaramin abu yake nema ya kama.

Jiran kuma ba kyauta ba ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disamba 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a shekara. In aka yi lissafi da wannan, cikin wata uku kuɗi na rasa kimanin kashi bakwai na ƙarfinsu, wato a kan 1,260,000 an zabtare wa mai ɗab'i abin da ya kai kusan naira 90,000 ba tare da kowa ya taɓa aljihunsa ba. Shi ma kuma mai takarda na bin sa. Bashi hanji ne, in ji masu iya magana, yana cikin kowa.

Kafin ya rubuta kalma ɗaya, sai ya baje takardunsa a kan tebur: takardar da makaranta ta ba shi aikin, webil mai sa hannu, inbois, da bayanin banki da ke nuna shigar kafin alƙalami. Ya kira akanta ya yi masa tambaya guda, ba ta kuɗi ba: "Malam, inbois ɗina mai lamba 0147 yana wurinku kuwa?" Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, za a tarar takarda ta maƙale a aljihun teburin wanda ya karɓi kaya, ba ta taɓa isa ga mai biya ba. Ya kuma tabbatar wa yake bi. In makarantar kamfani ce mai rajista, ita ake bi da cikakken sunanta na rajista, ba shugaban malamai ba, ba kuma mai sito da ya sa hannu ba. Sunan da ke kan wasiƙar shi ne zai hau takardar ƙara in har an kai can.

Wannan "in har an kai can" shi ne sirrin duka. Wasiƙar bin bashi mutum biyu ake rubuta wa. Na farko abokin ciniki ne, wanda kake so ya biya ka, ya kuma sake ba ka aiki baɗi. Na biyu alƙali ne, wanda bai san ka ba, bai san shi ba, wanda wataƙila wata rana za a miƙa masa takardar ya karanta cikin minti biyu. Saboda na farko ake tausasa harshe. Saboda na biyu ake sa lamba da rana. Ga yadda mai ɗab'i ya rubuta tasa, a kan takarda mai ɗauke da sunan shagonsa, da kwanan wata 7 ga Janairu 2025:

"Zuwa ga Mai Makaranta, ta hannun Akanta.

Neman biyan ragowar naira 1,260,000 na inbois mai lamba 0147.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan an koma karatu lafiya.

Ranar 9 ga Satumba 2024 mun kawo muku littattafan rubutu 6,000 da katin sakamako 1,200, ma'aikacinku ya karɓa ya sa hannu. Kuɗin aikin naira 1,860,000 ne. Kun biya naira 600,000, mun gode. Ragowar naira 1,260,000 ya kamata a biya ta ranar 9 ga Oktoba 2024, kuma yau kwana 90 ke nan da wucewar wannan rana ba mu ga shigarta ba. Mun tunatar da akanta ta waya ranar 21 ga Oktoba, muka sake aika saƙo ranar 18 ga Nuwamba.

Muna roƙon a biya naira 1,260,000 (miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da sittin) a asusun da ke rubuce a jikin inbois ɗin, kafin ƙarshen ranar Talata 21 ga Janairu 2025.

Idan kun riga kun biya, a taimaka a turo mana shaidar banki mu gyara lissafinmu. Idan akwai wani abu a cikin kayan ko lissafin da ba ku gamsu da shi ba, ku rubuto mana shi kafin wannan rana mu duba tare. Idan kuma biya a dunƙule zai yi muku nauyi, a shirye muke mu zauna mu tsara biya kashi-kashi a rubuce.

Idan ranar ta wuce ba biya ba amsa, za mu kai maganar Kotun Ƙananan Ƙararraki. Ba haka muke so ba, domin mun daɗe muna hulɗa lafiya, kuma muna fatan ɗorewarta.

Mun haɗo da kwafin inbois da na webil. Allah Ya ƙara ɗaukaka makaranta."

Sai suna, sa hannu, lambar waya. Shafi ɗaya, bai cika ba ma.

A lura da abin da babu a ciki. Babu "idan hali ya yi", babu "a duk lokacin da kuka samu dama", babu "don Allah a yi haƙuri da damun da nake yi". Waɗannan kalmomi masu daɗi ne, kuma bakinmu ya saba da su, amma a wasiƙar bashi ƙofa suke buɗe wa jinkiri. Wanda aka ce ya biya in hali ya yi, shi zai yanke ranar da hali ya yi. Haka nan "nan ba da jimawa ba" ba rana ba ce, "ƙarshen wata" ma ba rana ba ce, tunda kowane wata da ƙarshensa. Talata 21 ga Janairu ita ce rana. Ladabin yana cikin "ranka ya daɗe", da "ku" na girmamawa, da godiya kan abin da aka riga aka biya. Waɗannan sun isa. Ba sai an haɗa da sassauta lissafi ba.

Kwana goma sha huɗu kuwa ba a banza aka zaɓe su ba. Kwana uku fushi ne, ba wa'adi ba, domin a ma'aikata sai takarda ta bi ta hannun akanta da mai sa hannu. Wata guda kuma kyauta ce ga wanda ya riga ya ci wata uku. Sannan mai ɗab'i ya san lokacin da makaranta ke da kuɗi: makonnin farko na zango, sa'ad da iyaye ke biyan kuɗin makaranta. Da wa'adinsa ya faɗa tsakiyar hutun Disamba, da ya yi ihu bayan hari. Mai bin ɗan kwangila ya san sanda ake biyan ɗan kwangila, mai bin manomi ya san kaka.

Sakin layin da na fi ba muhimmanci shi ne mai "idan" uku. Wanda bai biya ba ɗayan uku ne: ko dai takarda ta ɓace masa, ko yana da ƙorafin da bai furta ba, ko babu kuɗin. Akwai na huɗu, mai taurin bashi da ke da shi amma ba ya son fitarwa, sai dai ba ka da hujjar kiransa haka tun yanzu. Da ka buɗe wa ukun nan ƙofa, kowanne zai iya fitowa ba tare da ya zubar da girmansa ba. Wanda ya ƙi bin ko ɗaya, ya nuna kansa da kansa, kuma alƙali zai gani cewa an ba shi dama ya faɗi ƙorafinsa ya yi shiru.

Akwai abubuwan da zuciya ke so a sa, waɗanda bai kamata a sa ba. Na farko barazanar 'yan sanda. An saba jin "sai na sa an kulle shi", alhali bashin ciniki ba laifin da ake kama mutum a kansa ba ne. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar ciniki, haka ma sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015. Wanda ya sa aka tsare abokin cinikinsa kan bashi na iya wayar gari shi ake ƙara kan tauye haƙƙi, a ce ya biya diyya. Na biyu zagi da tonon silili. "Maci amana" ko "ɗan damfara" a rubuce da sa hannunka makami ne ka miƙa wa abokin shari'arka, balle a ce ka tura kwafin wasiƙar cikin zauren WhatsApp na iyayen yara. Na uku ƙarin kuɗi saboda jinkiri. Musulmi da yawa ba za su karɓa ba tun farko saboda riba ce. Wanda ma yake ganin zai karɓa, in ba a rubuta shi cikin yarjejeniya tun asali ba, ba ya da ikon ƙirƙiro shi rana tsaka, kuma da ya ƙara ko sisi ya ba su abin jayayya.

Game da ambaton kotu, ƙa'idar guda ce: kada ka faɗi abin da ba za ka aikata ba. In mai ɗab'i ya san a ransa ba zai iya kai Alhaji ƙara ba, saboda surukuta ko maƙwabtaka, gara ya rubuta matakin da zai iya ɗauka, kamar dakatar da aikin zango na gaba ko kai maganar gaban shugabannin ƙungiyarsu. Wasiƙa ta uku mai taken "gargaɗin ƙarshe" abin dariya ce a ofishin akanta.

Wata tambaya da ake yawan yi ita ce, da Hausa ko da Turanci? Ni dai ra'ayina, a rubuta da harshen da mai biya zai karanta da kansa ba sai an fassara masa ba. Sai dai harshen aiki a kotun majistare Turanci ne, takardar Hausa sai an yi mata fassara. Saboda haka babu laifi a aika biyun tare, muddin lambobi da ranaku ba su saɓa ba ko da harafi ɗaya.

Isar da wasiƙar rabin aikin ne. A buga kwafi biyu. Wanda aka aika ya miƙa ɗaya, ya sa a rubuta masa suna da kwanan wata a ɗayan, a buga hatimin makaranta in akwai, ya dawo da shi. In an ƙi sa hannu, a tura ta kamfanin aika saƙo a adana rasit. A ɗauki hotonta kuma a tura ta waya, domin Dokar Shaida ta 2011 ta yarda da shaidar da ta fito daga na'ura in an cika sharuɗɗanta. Amma kafin duk wannan, mai hankali kan kira Alhaji tukuna: "Ranka ya daɗe, zan aiko da takarda kan ragowar nan, don lissafinmu ya zauna daidai." A wurinmu takarda ba sallama tana iya zama kamar mari. Wanda ya ga kamar rubuta bashi rashin yarda ne, sai a tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take.

To me ke biyo baya? A misalinmu, bayan kwana huɗu akanta ya kira ya ce ai littattafai 200 sun zo da bango a karkace, shi ya sa Alhaji ya ce a dakata. Wata huɗu ba wanda ya faɗi haka. Mai ɗab'i zai iya yin gardama, ya ce an ƙirga an sa hannu. Amma lissafi ya fi gardama: 200 sau 250 naira 50,000 ne. Ya je ya duba, in gaskiya ne ya karɓi littattafansa, ya rubuta takardar rage kuɗi, ragowa ta koma 1,210,000. Abin da ba zai yarda da shi ba shi ne a riƙe miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da goma saboda dubu hamsin. Ko da ba a daidaita kan ƙorafin ba, sai a biya abin da babu jayayya a kansa, a ci gaba da magana kan sauran.

Daga nan Alhaji ya ce ba zai iya biya a dunƙule ba, albashin malamai na gabansa. Wannan ba ƙarya ba ce a kullum, kuma saurara wa wanda ke cikin ƙunci abu ne da addini ya yi umarni da shi. Sai dai saurarawa ma a rubuce ake yin ta. Suka tsara naira 610,000 ranar 21 ga Janairu, naira 600,000 ranar 18 ga Fabrairu, da sharaɗin in aka saɓa kashin farko duka kuɗin sun wajaba nan take. Alhaji ya sa hannu a ƙarƙashin jimlar da ke cewa makaranta ta amince ana bin ta naira 1,210,000. Wannan jimla ta fi duk gaisuwar da aka yi daraja. Ta kashe gardamar ko akwai bashi ko babu. Sannan bashi na da wa'adin kai ƙara a kotunan da ke bin dokar ƙayyade lokaci, shekara shida a jihohi da dama, biyar a wasu, kuma amincewa a rubuce ko biyan wani ɓangare na sa a fara ƙirga daga farko. 'Yan kasuwar Nijar da Kamaru da Cadi, inda dokar kasuwanci ta OHADA ke aiki, nasu ya fi gajarta: shekara biyu ne a kan cinikin kaya tsakanin 'yan kasuwa.

In an ba ka caki na kashi na biyu, karɓi, domin ya fi alkawarin baki nauyi. Dokar 1977 kan cakin da banki ya mayar ta tanadi ɗaurin shekara biyu, ba zaɓin tara, ga mutumin da ya ba da caki banki ya ƙi biya saboda babu isassun kuɗi a asusunsa, sai fa in ya nuna yana da dalilin zaton za a biya. Sharaɗin shi ne a kai cakin banki cikin wata uku daga ranar da ke jikinsa. Wanda ya ajiye shi a durowa don kara har wata huɗu, ya zubar da wannan kariya.

Saura in an yi shiru gaba ɗaya. Legas ta buɗe Kotun Ƙananan Ƙararraki a 2018, Kano a 2019, wasu jihohi suka biyo baya. A ƙarƙashin majistare suke, an kafa su ne don bashin da adadinsa ke a bayyane, wanda a lokacin buɗewa bai wuce naira miliyan biyar ba, mutum na iya tsaya wa kansa ba lauya, kuma ƙa'idarsu ta ce a gama shari'a cikin kwana 60. Sharaɗin shiga shi ne a nuna an fara aika wa wanda ake bi takardar neman biya. Kotun na da nata fom na wannan, wanda ake karɓa a wurin magatakarda, don haka mai ɗab'i na iya cika shi ma ya sake aikawa. Abin da zai rubuta a ciki duk yana cikin wasiƙarsa ta 7 ga Janairu: wa ake bi, nawa, na mene ne, tun yaushe.

A misalinmu ba a kai can ba. Kashin farko ya shigo ranar 22 ga Janairu da safe, kwana ɗaya a makare. Bisa yarjejeniya mai ɗab'i na da ikon neman duka nan take, amma bai yi ba. Ya rubuta rasit na naira 610,000, ya ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa saura naira 600,000 ranar 18 ga Fabrairu, ya aika. Da makarantar ta kira shi kan takardun jarrabawar zango na biyu, ya ce to, da farin ciki, amma wannan karon kashi saba'in ne kafin alƙalami, ragowar kuma ranar da mota ta tsaya a ƙofar sito.